Duba ƙaurar rumbun bayanai kafin a haɗa ta: tambayoyi da amsoshi

Ni mai rubuta manhaja ne a nan Yamai, kuma wani ɓangare na aikina shi ne duba kod ɗin abokan aiki kafin ya shiga. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ƙannena na biro suka fi yi mini, wasu a gaban allo, wasu a wajen shayi. Abin da GitHub ke kira `Pull request` zan riƙa ce masa buƙatar haɗi, fayilolin da ke cikin `migrations/` kuma ƙaura, tunda aikinsu shi ne su tashi rumbun bayanai daga tsohon tsari zuwa sabo. A tebur akwai layuka, kowane layi yana da gurabe kamar suna da lambar waya. Misalaina na Django ne da PostgreSQL, don da su muke aiki.

Gwaje-gwaje duk sun wuce, alama ta yi kore. Me kuma zan duba?

Gwajin da ke gudana da kansa yana gina rumbu sabo fil, wanda babu komai a ciki, ya bi ƙaura ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zuba ƴan layukan da mai gwajin ya ƙirƙira. Tebur da ba shi da layi ba ya asarar komai. Saboda haka koren alama abu ɗaya take faɗa maka: umarnin ba shi da kuskuren rubutu kuma sabon kod ya dace da sabon tsari. Ba ta san abin da shekara uku na aikin mutane suka tara a teburin gaske ba.

Kuma abin da ake nuna maka a buƙatar haɗi ba shi ne abin da rumbu zai ji ba. Kai kana ganin Python, shi kuwa SQL zai karɓa. Kafin ka karanta komai, fitar da SQL ɗin, na gaba da na baya:

```
python manage.py sqlmigrate caisse 0042
python manage.py sqlmigrate caisse 0042 --backwards
```

Ni kan roƙi mai buƙatar ya liƙa waɗannan biyu a cikin bayaninsa. Idan ya liƙa, na san aƙalla idonsa ya bi ta kansu.

Ai ƙaurar tana da hanyar komawa baya. Wannan bai wadatar ba?

A nan ne mutane suka fi ruɗuwa, don haka bari in zauna a kai da misali guda.

A ce muna riƙe da manhajar wata ƙungiyar manoman albasa a jihar Tawa, can wajen Galmi. Idan aka ɗauki hayar mota don kai buhuna kasuwa, ana raba kuɗin hayar tsakanin masu kayan, kason kowa yana shiga tebur `caisse_part` a gurbin `montant`, wanda nau'insa `numeric(12,2)` ne. Wani ƙane ya duba ya ce: sefa ai ba ta da ɗigo a hannun mutane, babu wanda ya taɓa biyan rabin faran a kasuwa, me ya sa muke ɗauke da lambobi biyu bayan ɗigo? Ya mayar da gurbin `IntegerField`. Tunaninsa ba shirme ba ne. Ga abin da rumbu zai karɓa:

```
ALTER TABLE "caisse_part" ALTER COLUMN "montant"
  TYPE integer USING "montant"::integer;
```

Yanzu ka ɗauki haya ɗaya ta jikka ɗari, wato 100,000, da aka raba wa mutum uku. A tebur an rubuta 33333.33, da 33333.33, da 33333.34, jimla 100,000 cif. Bayan ƙaura PostgreSQL zai kai kowace lamba ga cikakkiyar lambar da ta fi kusa da ita, duka ukun su koma 33333. Jimla ta zama 99,999. Babu saƙon kuskure, babu gargaɗi, ƙaurar za ta ce `OK`.

Faran ɗaya ba ya sayen ko ashana. Amma ma'ajin ƙungiya ba darajar faran ɗin yake kallo ba, daidaituwar lissafi yake kallo. Ranar da ya haɗa kason mutane da takardar direba ya ga sun saɓa, kuma a tafiye-tafiye da yawa, sai ya kira mu. Sai ƙanenmu ya ce babu damuwa, a koma baya, ya buga `python manage.py migrate caisse 0041`. Umarnin zai yi aiki lafiya, gurbin ya koma `numeric(12,2)`, a cikinsa kuma a tarar da 33333.00 sau uku. Kwanon ya dawo yadda yake, amma abin da ya zube tuni ƙasa ta shanye.

Komawa baya siffar tebur take maidowa. Ba ta maido da abin da ke ciki sai idan an ajiye shi a wani wuri tun farko. Don haka tambayar da nake yi wa kowace ƙaura ba "za ta iya komawa?" ba ce. Tambayata ita ce: mene ne ke cikin teburin nan yau wanda ba zai kasance ba bayan an gudanar da ita, kuma ina kwafinsa yake?

To yaya zan gane ko akwai asara tun ba a haɗa ba?

Ka tambayi bayanan gaske. Ga misalin namu tambayar gajeriya ce:

```
SELECT count(*) FROM caisse_part
WHERE montant != round(montant);
```

Idan amsar sifili ce, babu layin da ke da ɗigo, canjin ba zai ci komai ba yau. Idan ta wuce sifili, ko da ɗaya ce, maganar ta tashi daga hannun masu kod ta koma hannun ma'aji, domin shi ne zai ce wa za a ɗora wa ragowar faran.

Sai gwaji na biyu, wanda na fi yarda da shi. Ka zuba kwafin ajiya na kwanan nan a wani rumbu na dabam, ka rubuta adadin layuka da jimlar kuɗi, ka gudanar da ƙaura gaba, ka dawo da ita baya, ka sake ƙirgawa:

```
SELECT count(*), sum(montant) FROM caisse_part;
```

Adadin layuka zai fito daidai, shi ya sa wanda ya tsaya ga ƙirga layuka kaɗai zai ce lafiya lau. Jimlar ce za ta tona asiri. Ita ma ka yi hattara da ita, don wasu lambobin sama za su tafi wasu ƙasa, suna iya kusan shafe juna a babbar jimla. Gara ka haɗa jimlar kowace tafiya dabam ka gwada da kuɗin hayarta. Abu ɗaya a gefe: kwafin nan yana ɗauke da sunayen mutane da lambobinsu da bashinsu, kada ya kwana a kwamfutar da kake tafiya da ita gida.

Waɗanne canje-canje ne suka fi haɗari?

Ba na jin tsoron wanda ke ihu. Idan ka mayar da gurbi `integer` alhali akwai lambar da ta wuce 2,147,483,647, PostgreSQL zai ƙi, ya ce `integer out of range`, ƙaurar ta tsaya, babu abin da ya taɓu. Haka idan ka sa `NOT NULL` a gurbin da ke da layuka marasa komai, ko `UNIQUE` a inda akwai maimaici. Waɗannan suna ɓata wa mutum yamma, amma ba sa cin dukiya.

Masu shiru su ne abin tsoro. Rage ɗigo irin na misalinmu yana ciki. Akwai kuma rage tsawon rubutu: idan aka ce `TYPE varchar(20)` kawai, rumbu zai ƙi in akwai abin da ya fi tsawon, amma idan aka ƙara `USING nom::varchar(20)` zai datse wutsiyar kowane dogon suna bai ce uffan ba. Shi ya sa kalmar `USING` take tsayar da ni duk inda na gan ta. Sai `DROP COLUMN` da `DROP TABLE`, da kowane `UPDATE` ko `DELETE` da ke cikin ƙaura, musamman `DELETE` a teburin da wasu ke jingine da shi ta `ON DELETE CASCADE`, inda share mamba ɗaya kan tafi da duk tarihin biyansa.

Suna kawai na canja wa gurbi. Me ya sa aka mayar mini da buƙatata?

Buɗe fayil ɗin ƙaurar ka gani: `RenameField` ne a ciki, ko kuwa `RemoveField` da `AddField`? Lokacin da ka canja `tel` zuwa `telephone` ka buga `makemigrations`, Django kan tambaye ka ko canjin suna ne, da `[y/N]` a ƙarshe. Babban harafin yana nufin idan ka danna shiga kawai, amsar a'a ce. Sai ya rubuta a share tsohon gurbi a ƙirƙiri sabo, lambobin wayar mambobi duka su tafi. Abin da ya fi wannan santsi shi ne, idan ka canja suna kuma ka canja `max_length` a lokaci guda, ba ma zai tambaye ka ba, don a ganinsa gurabe biyu ne mabambanta. Komawa baya kuwa za ta sake gina `tel`, amma fanko.

Ko da `RenameField` ne na gaske, akwai sauran magana. Bayanai ba za su ɓata ba, sai dai tsohon kod da ke gudana a saba yana neman `tel` har zuwa lokacin da sabon ya hau, kuma duk rahoto ko ɗan rubutun da wani ya ajiye yana kiran tsohon suna zai karye. Ka binciki sunan a duk ma'ajiyar kod, har da wuraren da aka rubuta SQL da hannu.

To yaya ya kamata a yi gyaran `montant` ɗin?

A rarraba shi zuwa haɗi uku ko huɗu, kowanne ana iya janye shi ba tare da an rasa komai ba.

Da farko a ƙara sabon gurbi, a ce `montant_f`, nau'in `bigint`, mai karɓar `NULL`, a bar tsohon yadda yake. Ƙara gurbi irin wannan ba ya sake rubuta tebur, nan take yake gamawa. A wannan haɗin kod ya fara rubutawa a gurabe biyun duk lokacin da sabon kaso ya shigo, amma ya ci gaba da karantawa daga tsohon.

Na biyu, a cika sabon gurbin ga tsofaffin layuka bisa ƙa'idar da ma'aji ya amince da ita. Idan ya ce ragowar faran ta hau kan mai buhuna mafi yawa, to hayarmu ta jikka ɗari za ta zama 33333, da 33333, da 33334. A tabbatar jimlar kowace tafiya ta yi daidai da hayarta. Idan ƙa'idar ta fito a karkace, a share sabon gurbin a sake cikawa, tunda asalin yana nan.

Na uku, kod ya koma karantawa daga `montant_f`, yana ci gaba da rubuta biyun. Idan wani abu ya ɓaci, tsohon kod kawai za a mayar, ba a taɓa rumbu ba. Share tsohon gurbi shi ne na ƙarshe, a buƙatar haɗi tasa shi kaɗai.

Na san ana ganin wannan jan aiki ne a kan gurbi ɗaya, kuma ba kowane canji ba ne ya cancanci haka. Teburin da ke riƙe da launin maɓalli ban damu da shi ba. Kuɗi, bashi, da lambobin da ake kiran mutane da su, a kansu ne ba na sassauci.

Na ga `RunPython.noop` a matsayin hanyar baya. Laifi ne?

Ya danganta da abin da hanyar gaba ta yi. `noop` yana nufin idan an koma baya kada a yi komai. Idan hanyar gaba cika sabon gurbi kawai ta yi, kamar mataki na biyu a sama, daidai ne. Idan kuwa ta canja bayanai a inda suke, `noop` ƙarya ce mai ladabi.

Ka ɗauki tsohon teburin da aka rubuta kuɗi da dala, yadda ake ƙirga a kasuwa, dala ɗaya faran 5. Ƙaura ta ninka kowane layi sau 5 don ya koma faran. Aka samu matsala a wani wuri, aka koma baya, `noop` bai raba komai ba, amma Django ya share shaidar cewa ƙaurar ta gudana. Gobe aka gyara aka sake turawa, sai ta sake ninkawa: dala 200 da ya kamata ta zama 1,000 ta zama 5,000. Ƙaurar da ba ta da hanyar baya ta gaskiya gara a bar ta babu, Django ya ƙi da `IrreversibleError`, mutum ya tsaya ya yi tunani.

Idan kuran ya ɗauke ko intanet ta yanke ana tsakiyar ƙaura fa?

Duk wanda ya yi aiki a Yamai a watan Afrilu ya san wannan ba tambayar wasa ba ce. A PostgreSQL, Django yana naɗe kowace ƙaura tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, kuma canjin tsarin tebur yana bin wannan naɗin. Idan abu ya katse kafin `COMMIT`, komai na wannan fayil ɗin yana warwarewa. A MySQL ba haka ba ne: kowane `ALTER TABLE` yana tabbata da kansa da zarar ya gama. Ƙaura mai matakai huɗu da ta mutu a na uku za ta bar biyu a rumbu, teburin `django_migrations` kuma bai rubuta ta ba, sake gudanarwa sai ya ci karo da gurbin da ya riga ya wanzu. Don haka a MySQL nakan nemi kowace ƙaura ta ɗauki canji ɗaya.

A PostgreSQL ma ka lura da `atomic = False`, domin yana cire wannan kariyar. Akwai inda dole ne, kamar `CREATE INDEX CONCURRENTLY` wanda ba ya gudana cikin naɗi, kuma idan ya katse yakan bar fihirisa mai alamar `INVALID` da sai an share ta an sake. Irin wannan fayil kada a haɗa shi da wani canjin. Sannan a gudanar da ƙaura a cikin `tmux` a kan saba, don yankewar layinka kada ta kashe aikin.

Teburinmu ƙarami ne. Maganar kulle ta shafe mu?

Ta shafe ku, amma ba ta inda kake zato ba. Canja nau'in `montant` yana sake rubuta tebur gaba ɗaya yana riƙe da kulle `ACCESS EXCLUSIVE`, wanda ke hana har karatu. A ƙaramin tebur wannan ɗan lokaci ne. Matsalar tana wajen samun kullen. Idan wani ya buɗe dogon rahoto a kan teburin, ƙaurar za ta tsaya tana jiransa, duk wanda ya zo bayanta kuma ya tsaya yana jiranta, har manhajar ta sandare alhali ba a fara canja komai ba. Maganinsa layi ɗaya ne a farkon ƙaura:

```
SET lock_timeout = '5s';
```

Idan ba ta samu kulle cikin daƙiƙa 5 ba sai ta haƙura ta faɗi, a sake gwadawa an jima.

Muna da kwafin ajiya na kowane dare. Ba shi ne mafita ba?

Mafita ce ta ƙarshe, kuma tana da kuɗinta. A ce an ɗauki kwafi ƙarfe 2 na dare, ƙaura ta gudana ƙarfe 9 na safe, ma'aji ya gano matsala bayan la'asar. Mayar da kwafin dare kacokan yana nufin zubar da duk abin da aka shigar tun safe, a lokacin kakar albasa kuwa wannan buhuna ne masu yawa. Abin da ake yi shi ne a zuba kwafin a rumbu na gefe, a ɗebo tsofaffin lambobi daga can a mayar ta hanyar `id`. Yana yiwuwa, amma aikin dare ne. Ya fi sauƙi a ɗauki kwafin teburin da abin ya shafa daf da ƙaura:

```
pg_dump -Fc -t caisse_part -f part_avant_0042.dump caisse_db
```

Sai tambayar da ba a son ji: yaushe aka taɓa maido da kwafin nan aka ga yana aiki? A ranar 31 ga Janairu 2017 wani injiniyan GitLab ya share bayanan babban rumbunsu bisa kuskure. Da suka je ga kwafin `pg_dump` suka tarar ya daɗe ba ya aiki, domin na 9.2 ne ake gudanarwa a kan rumbu mai 9.6. Wani kwafi na dabam da aka ɗauka kusan awa shida kafin nan ne ya cece su, bayanan waɗannan awoyi kuma suka tafi. Ba ƙaura ce ta jawo nasu ba, amma tun daga nan idan aka rubuta mini "akwai kwafi", nakan tambayi ranar da aka gwada shi da kuma minti nawa maidowar ta ci.

Wani ya gyara tsohon fayil ɗin ƙaura maimakon ya rubuta sabo. In bari?

Idan ƙaurar ta riga ta gudana a saba, a'a. Django suna kawai yake rubutawa a `django_migrations`, ba ya duba ko abin da ke cikin fayil ya canja. Saba ba za ta sake gudanar da ita ba, sabon rumbun gwaji kuwa zai bi gyararren, sai a wayi gari da tsari biyu mabambanta kowa yana rantsuwa nasa ne daidai. A rubuta sabuwa.

Yaya zan faɗa wa wanda ya girme ni cewa ƙaurarsa za ta ci bayanai?

Da lamba a hannu, ba da ra'ayi ba. Wata ƙanwarmu ta taɓa rubuta mini a ƙarƙashin buƙatata: "Yaya, na gwada wannan a kwafin jiya, gaba da baya, jimlar ba ta dawo daidai ba. Ga tambayar da na yi da amsar da ta fito. Ko akwai abin da ban gane ba?" Babu abin da ba ta gane ba. Na janye buƙatar na raba ta uku. Babba ba ya jayayya da abin da zai iya bugawa da hannunsa ya gani, kai kuma ba ka ce masa ya yi kuskure ba, ka dai nuna masa abin da rumbu ya ce.

Yaushe za a share tsohon gurbin?

Bayan zagayen aikin da ke amfani da shi ya cika aƙalla sau ɗaya. Ga `montant`, wannan yana nufin sai ma'aji ya rufe lissafin wata da sabon gurbin ya ce ya daidaita. Sannan a fara tura kod ɗin da ya daina rubutawa a tsohon, a bar shi ya yi kwanaki, a binciki sunan a rahotanni da rubutun da ke gudana da dare. Ranar sharewa a ɗauki `pg_dump` na teburin, a rubuta inda aka ajiye fayil ɗin a cikin bayanin buƙatar haɗi, a zaɓi safiyar Talata ko Laraba lokacin da kowa yana biro, ba yammacin Juma'a ba.